Ciwon ƙirjin da ba hat atak ba: tsagewar babbar jijiyar jini da abin da ya sa ake rikita su

Tambaya: Likita barka da aiki. Mahaifinmu ne shekararsa 58, yana da hawan jini, ciwon ƙirji ya kama shi lokaci ɗaya muka kai shi wani asibiti nan Zariya aka ce hat atak ne aka fara ba shi magani, washegari wani likita ya zo ya ce a tsayar da magungunan nan duka a je a yi sikanin, sai aka ce wai babbar jijiyar jini ce ta tsage. Don Allah ba duk ciwon zuciya ba ne? Me ya sa aka rikita, kuma meye na tsayar da magani?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa ba abu ɗaya ba ne ko kusa, kuma likitan nan da ya tsayar da magungunan ya yi daidai ƙwarai, don maganin da ke ceton mai hat atak shi ne zai iya ƙarasa mai wannan ciwon. A hat atak hanyar jini ce ta toshe, don haka muke ba da abin da zai tsinka jini ya narkar da gudan da ya tsaya. A wannan kuwa, da muke kira ayotik disekshin, bangon jijiya ne ya yage, jini yana neman hanyar ficewa, ɗan daskarewar da yake yi a wurin tsagar ita ke riƙe da mutum, sai kai kuma ka zo ka ba shi maganin hana daskarewa.

Bari in fara da ita jijiyar kanta. Sunanta ayota, ita ce mafi girma a jiki, faɗinta wajen santimita 3 a babban mutum. Daga zuciya take fitowa ta yi sama a bayan ƙashin ƙirji, ta lanƙwaso, ta gangara ta gefen ƙashin baya har cikin ciki inda take rabewa biyu zuwa ƙafafu. Duk jinin da zai je ko'ina a jiki ta cikinta yake bi, kuma a hanya tana ta fitar da rassa: na farko tun daga gindinta su ne 'yan jijiyoyi biyu da ke ciyar da zuciyar kanta, sai na kai da hannuwa a wurin lanƙwasar, sai na laka, na hanji, na ƙoda, na ƙafafu. Ka riƙe wannan jerin rassan a ranka don kusan duk rikicin ciwon nan daga nan yake.

Bangonta hawa uku ne, akwai siririn shafe na ciki mai santsi, akwai na tsakiya mai kauri mai talewa, sai na waje. In hawan jini ya daɗe yana dukan bangon shekara da shekaru, na tsakiyan sai ya yi rauni, ranar da aka yi rashin sa'a shafen ciki ya ɗan tsage, jini da ƙarfinsa ya kutsa ta tsagar ya shiga cikin bangon ya dinga raba shi biyu yana tafiya. Kamar dai tsohon ginin ƙasa a cikin birni da damina, ruwa ya samu 'yar kafa a yaɓe ya shige ya bi tsakanin yaɓen da bango, daga waje ka ga katanga lafiya lau alhali ta ciki an riga an raba su. Yanzu jijiya ta zama tana da hanya biyu, ta gaskiya da ta ƙarya, kuma abin da ya rage tsakanin jinin da ke hanyar ƙarya da fashewa gaba ɗaya ɗan siririn bangon waje ne kawai. Kowane bugu da zuciya ta yi ƙara tura tsagar yake gaba.

To me ya sa ake rikita shi da hat atak. Abu na farko jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi daga zuciya da waɗanda ke ɗaukowa daga farkon ayota wuri ɗaya suke shiga a laka, a saman baya, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta iya bambance daga ina saƙon ya taso, abin da mutum zai ce kawai ƙirjina, wani lokaci har wuya da muƙamuƙi, ga zufa ga tashin zuciya ga tsoron mutuwa a fuskarsa, duk iri ɗaya. Na biyu mutanen da abin ke kamawa ma iri ɗaya ne, namiji da ya haura hamsin mai hawan jini, wataƙila yana shan taba. Sannan ga yawa. Wannan ciwon a shekara bai wuce mutum 3 zuwa 5 a cikin 100,000 yake samu ba, hat atak ya ninka shi sau da yawa nesa ba kusa ba, likitan da ke imajensi zai ga masu hat atak da masu olsa rututu kafin ya ga mai disekshin ɗaya, kuma an horar da shi cewa a hat atak kowane minti naman zuciya ne ke mutuwa don haka ya yi sauri ya ba da magani. Saurin nan da ke ceton mutum ɗari shi ne ke cutar da wannan ɗayan.

Amma abin da ya fi ruɗarwa, kuma shi ne mutane ba su sani ba, shi ne disekshin ɗin yana iya haddasa hat atak na gaske. Ka tuna na ce rassan farko su ne masu ciyar da zuciya. In tsagar ta koma baya ta kai gindin ayota, fatar da ta ɓalle tana iya rufe bakin ɗaya daga cikinsu, galibi na dama, sai naman zuciya ya rasa jini, sai isiji, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, ya nuna hat atak ɓaro-ɓaro, gwajin jinin tirofonin mai nuna naman zuciya ya ji rauni shi ma ya hau. Likita bai yi ƙarya ba da ya ce akwai hat atak, akwai shi, sai dai ba gudan jini ne ya kawo shi ba, kuma maganin gudan jini ba zai buɗe shi ba. Ko ba a kai ga haka ba ma, yawancin masu ciwon nan isijinsu yana da 'yan canje-canje saboda daɗaɗɗen hawan jini, a babban rajistan masu ciwon da aka fara tarawa a ƙasashe da dama a 1996, rahoton farko da ya fito a 2000 kan mutum 464 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai isijinsu ya fito ba komai. Kuma ba matsalar Najeriya ba ce kaɗai, ɗan wasan Amurka John Ritter a 2003 da hat atak aka fara yi masa magani kafin a gano tsagewar ayota ce, a daren ya rasu.

Inda ake kama bambancin shi ne a bakin majiyyaci, shi ya sa nake jin zafin yadda ake tsallake tambaya a ruga wurin na'ura. Ciwon hat atak yawanci tasowa yake, ya fara kamar nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, a cikin mintuna yana ƙaruwa, ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, kuma sau da yawa in ka bincika za ka ji kwanakin baya yana ɗan jin irinsa in ya yi tafiya da sauri ko ya hau bene. Ciwon disekshin ba ya tasowa, faɗowa yake. A daƙiƙar farko ya riga ya kai ƙarshen zafinsa. Mutum zai iya gaya maka daidai abin da yake yi lokacin, ina sunkuyawa zan ɗauki buta, ina cikin raka'a ta biyu, don abin kamar an soke shi ne. A littafi ana cewa zafi ne mai kamar yagewa, kuma akwai masu faɗin haka, amma a rajistan nan waɗanda suka ce zafin kamar suka ne mai kaifi sun fi waɗanda suka ce yagewa yawa, kusan rabi ne kawai suka ambaci yagewa, alhali wajen 85 cikin 100 sun ce lokaci ɗaya ya zo. Saboda haka ni ba na jiran in ji wani ya ce yagewa, tambayata ita ce a hankali ya zo ko farat ɗaya.

Sai tambaya ta biyu, ya motsa daga inda ya fara? Tunda tsagar tafiya take, zafin ma yana binta, ya fara a ƙirji, bayan ɗan lokaci ya koma tsakanin allunan kafaɗa, can kuma ya sauka ƙugu ko ciki. Hat atak yana iya watsuwa zuwa hannu amma ba ya tashi daga wuri ya koma wani wuri haka. A nan garin wannan siffar ce ma ke sa wasu iyalai su ce jifa ne, mutum yana zaune lafiya a ce an soke shi a gadon baya, sai a tsaya neman taimako a gida awa uku awa huɗu, wasu kuma su ce olsa ce a aika yaro kemis. Ba na raina addu'a wallahi, a yi ta a mota ana tafiya asibiti.

Na uku shi ne abin da nake koya wa ɗalibai kullum, ciwon ƙirji da wani abu daban da bai kamata ya haɗu da shi ba. Ciwon ƙirji da shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, ciwon ƙirji da ƙafa ɗaya ta yi sanyi ta mutu, ciwon ƙirji da suma, ciwon ƙirji da matsanancin ciwon ciki ko fitsari ya ɗauke, ko ƙafafu biyu su ƙi ɗaukar mutum. Ciwo ɗaya ne ke iya taɓa wurare masu nisa haka a lokaci guda, don tsagar na wucewa tana toshe bakin rassa ɗaya bayan ɗaya. Kuma akwai kaɗan, wajen 6 cikin 100, da ba sa jin zafin ma sam, da suma ko shanyewar jiki kawai suke zuwa.

Bari in ɗora maka shi kan mutum guda irin wanda ake kawowa, ka ga yadda abin ke tafiya. A ce ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Gari, shekara 54, an ɗora shi kan maganin hawan jini amlodifin shekara uku da suka wuce ya sha wata biyu ya ajiye don ya ji garau. Bayan la'asar ya kama buhun masara zai taya yaro ɗorawa, sai ya ji abu ya soke shi a ƙirji ya fita ta baya, ya durƙushe, zufa ta karyo. Kafin a kai shi asibiti awa biyu ta wuce, kuma zafin ya ɗan lafa har yana cewa a mayar da shi gida. Wannan lafawar yaudara ce, tsagar ce ta ɗan tsaya, ba warkewa ba ce, kuma mutane da yawa a wannan tazarar ake sallamarsu su faɗi a gida.

Nas ta auna bifi, wato awon hawan jini, a hannun dama ta samu 118/70, kowa ya ce alhamdulillahi jini bai hau ba. An yi isiji, layin ST ya ɗaga a II, III da aVF, wato alamar hat atak na ƙasan zuciya, yankin da jijiyar dama ke ciyarwa. A wannan gaɓar hanya ta rabu biyu. In aka bi takardar isiji kawai, za a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, a ƙara kulofidogirel, a yi masa allurar hana jini daskarewa ta hefarin ko inoksafarin a ciki, in asibitin na da shi ma a ɗaura masa sitireftokaines, maganin narkar da gudan jini, yunit miliyan ɗaya da rabi a cikin awa ɗaya. Ga mai hat atak na gaskiya wannan shi ne daidai kuma yana ceton rai.

A ɗaya hanyar kuma wani ya tsaya minti biyu ya tambaye shi yadda ya fara, ya ji farat ɗaya kuma ya fita ta baya, sai ya ɗauki abin awon ya mayar hannun hagu, ya samu 176/98. Bambancin kusan 60 tsakanin hannu biyu, alhali abin da ya haura 20 a lambar sama ya isa ya sa ka tsaya. Ya taɓa bugun jijiya a wuyan hannu biyu lokaci guda, na dama da ƙyar ake ji. Wato 118 ɗin nan ba bifinsa ba ne, reshen da ke kai jini hannun dama ne tsagar ta matse, ainihin ƙarfin da ke dukan bangon shi ne 176. Ya sa abin sauraro a gefen hagu na ƙashin ƙirji ya ji wani ɗan huci bayan kowane bugu, alamar bawul ɗin da ke bakin ayota, wato ƙyauren da ke hana jini komawa zuciya, ya saki yana mayar da jini baya. Hoton ƙirji ya nuna inuwar tsakiya ta yi faɗi fiye da santimita 8. Aka jawo na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya aka ɗora, gindin ayota ya kai santimita 5, ga wata 'yar fata tana kaɗawa a cikinta, ga ɗan ruwa ya fara taruwa a jakar da zuciya ke ciki.

Ɗan ruwan nan jini ne, kuma shi ne amsar tambayarka ta meye na tsayar da magani. Farkon ayota a cikin jakar zuciya yake, jakar kuma ba ta talewa da sauri, in bangon waje ya fara yoyo jini a cikinta yake zuba, mililita 150 zuwa 200 in suka taru da sauri sun isa su matse zuciya ta kasa cika, bifi ya faɗi, mutum ya tafi a cikin mintuna. Wannan ita ce hanyar da ciwon ya fi kashewa. Yanzu ka ɗauka an ɗaura wa wannan mutumin maganin narkar da jini, ɗan toshin da jiki ya yi a wurin yoyon ya narke, babu abin da zai tsayar da shi. Ko bai fashe ba, an ɓata wa likitan tiyata aiki, don asfirin da kulofidogirel in sun kama ƙwayoyin daskarar da jini ba sa saki, sai jiki ya ƙera sababbi, kwana 5 zuwa 7, ga shi aikin ba ya jiran kwana ɗaya ma, sai a shiga tiyata jini yana ta zuba ana ta ƙarin jini. In faɗa maka gaskiya dai ƙwayar asfirin ɗaya ba ita ce ke kashewa ba galibi, kada ku zauna kuna cin kanku a kan wanda Baba ya riga ya sha, hefarin da maganin narkarwa su ne manyan haɗarin, kuma kowane ƙarin allura ƙarin haɗari ne, shi ya sa aka ce a tsaya nan take.

Sai dai kada ka ɗauka kowa zai zo da alamomi a jere kamar wannan. Bambancin bugun jijiya a hannu ko ƙafa bai fi mutum ɗaya cikin biyar ake samu ba, hoton ƙirji yana iya fitowa lafiya lau a fiye da ɗaya cikin goma, eko ta kan ƙirji tana ganin farkon ayota amma ba ta ganin wadda ta gangara baya sosai. Ma'ana in an samu alama ta taimaka, in ba a samu ba ba ta wanke mutum ba. Akwai gwajin jini na di-daima, in ya fito ƙasa da 500 a ranar farko ga wanda dama zargin bai yi ƙarfi ba yana rage zargi sosai, amma ga wanda labarinsa ya yi kama ba a tsayawa jiransa. Mai yanke hukunci shi ne siti sikan da ake yi da allurar ruwan da ke haska jijiya, daga wuya har ƙugu, shi zai nuna inda tsagar ta fara, inda ta tsaya, da rassan da ta taɓa. Kuma ina roƙon abokan aiki, kada a ajiye irin wannan majiyyaci har gobe ana jiran sakamakon gwajin ƙoda kafin a yi masa allurar sikanin, ƙoda ana iya lallaɓa ta daga baya.

Maganin farko kuma akasin na hat atak ne a manufa, so ake a rage ƙarfin dukan da jini ke yi wa bango. A kashe zafin da mofin ta jijiya kaɗan-kaɗan don zafi kansa yana ɗaga bifi. Sannan a rage gudun zuciya tukuna, da labetalol misali, miligiram 20 ta jijiya a hankali ana maimaitawa bayan kamar minti goma-goma, har bugu ya sauko wajen 60 a minti, lambar sama ta bifi ta dawo tsakanin 100 da 120, kuma da hannun da ya fi hawa ake aunawa. A nan akwai wani tarko da ya shafe mu sosai, don a asibitocinmu in aka ga bifi 200 abin da hannu ke fara kaiwa shi ne allurar haidiralazin, ko a ba da nifedifin mai saurin aiki. Waɗannan suna buɗe jijiyoyi bifi ya sauka a takarda, amma zuciya sai ta rama da bugu da sauri da ƙarfi, kowane bugu kuma ƙara yaga bangon yake, ka ga lamba ta yi kyau mutum yana ƙara lalacewa. Sai an riga an rage gudun zuciya ake ƙara irinsu. In kuwa bifi a ƙasa yake a hannu biyun, ko bawul ya saki sosai, ko bugun dama a hankali yake, to labetalol ɗin ma sai da taka-tsantsan ko a bar shi, wannan hukuncin na likitan da ke tsaye a kansa ne.

Abin da nake so ka je ka tambayi likitocin Baba yau shi ne nau'in A ne ko nau'in B, don daga nan komai ya rabu. Wannan rabon na likitocin jami'ar Stanford ta Amurka ne tun 1970. Nau'in A shi ne wanda ya taɓa ɓangaren da ya taso daga zuciya, irin na ɗan kasuwar nan, shi ya fi yawa, kusan biyu cikin uku, kuma shi ne ake cewa in ba a yi komai ba a kwana biyun farko kowace awa ana rasa mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Maganinsa tiyata ce ta buɗe ƙirji, a ɗora mutum kan injin da ke aikin zuciya da huhu, a yanke ɓangaren da ya tsage a ɗinka bututun roba na musamman, in bawul ya lalace a gyara ko a canja. Aiki ne babba, a rahoton 2000 ɗin nan kusan 26 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun rasu a asibiti, amma waɗanda ba a yi wa ba 58 ne. Kuma abin da ke ci mini rai shi ne wuraren da za su iya wannan aikin cikin gaggawa a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, ga kuɗi mai yawa, ga tafiya, don haka in A ne maganar turawa a fara ta yanzu-yanzu, likita ya kira likita a waya a tabbatar za su karɓa kafin a ɗaga shi, kuma a tafi da shi da ma'aikacin lafiya da magungunan rage bifi, ba a bayan motar gida ba.

Nau'in B shi ne wanda ya fara bayan lanƙwasar, bayan reshen hannun hagu, ya gangara ƙasa. Shi zafinsa ya fi zama a baya, kuma tunda ya yi nesa da jakar zuciya da bawul, yawanci ba a yin tiyata, magani ne da sa ido a ɗakin kulawa ta musamman, kuma kusan 9 cikin 10 suna fita asibiti da rai. Ana shiga ne kawai in ya kawo matsala, zafi ya ƙi tsayawa, bifi ya ƙi sauka, ƙoda ko hanji ko ƙafa sun rasa jini, ko jijiyar tana ƙara kumbura, a nan ana iya zura wani bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar cinya a rufe tsagar daga ciki. Ku da ke jinya ku ne idon likita da dare, in ya ce zafin ya dawo ko ya koma wani wuri, in fitsari ya ragu, in ƙafa ta yi sanyi ko ta yi nauyi, in ciki ya murɗa, kada a bari sai zagayen safe, a kira nas a lokacin.

Game da ko asibitin farko sun yi sakaci, ba zan yanke wa mutanen da ban ga abin da suka gani ba hukunci, ka ga dai yadda isiji kansa ke iya jan mutum. Abin da nake cewa kullum shi ne awon hannu biyu da tambayar yadda ciwo ya fara ba sa cin ko sisi, kuma ko ƙaramin asibitin unguwa zai iya yinsu kafin a ɗaura maganin narkar da jini. Ku ma a gida, shawarar da ake yaɗawa ta a ba mai ciwon ƙirji asfirin ya tauna tana da kyau ga ciwon da ya zo da nauyi yana ƙaruwa, amma in farat ɗaya ya zo kamar suka ya fita ta baya, ko ya haɗu da suma ko mutuwar hannu ko ƙafa, a bar asfirin ɗin, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, a wuce kai tsaye babban asibiti irin na koyarwa da ke Shika maimakon a bi ta kemis da ƙananan wurare ana ɓata awanni, kuma da an isa a faɗa wa likita da baki cewa lokaci ɗaya ya fara.

In Allah ya tashi kafaɗunsa, jijiyar nan ba ta komawa yadda take, hanyar ƙaryar tana nan kuma tana iya kumbura a hankali cikin shekaru. Maganin hawan jini ya zama na har abada, da mai rage gudun zuciya a ciki, bifi ƙasa da 130/80, ku sayi abin awo a gida ku dinga aunawa a hannun da ya fi hawa. Za a dinga maimaita sikanin, a watannin farko sau biyu ko uku, daga baya shekara-shekara. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba tura mota, ba yunƙuri mai ƙarfi a bayi, in yana da taurin bayan gida a yi maganinsa, taba kuma an gama da ita. Sannan ku kula da sifurofuloksasin da danginsa, wannan da ake saya a kemis duk lokacin da aka ce taifot, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa suna ƙara haɗarin tsagewar ayota ga masu irin wannan matsala, duk likitan da zai rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a gaya masa tarihin.

Ku 'ya'yansa da ƙannensa ma abin ya shafe ku, don kusan ɗaya cikin biyar na masu ciwon ayotar ƙirji ana samun wani a dangi mai irinsa. Kowannenku ya auna bifi, kuma ku yi eko a duba faɗin gindin ayota da bawul ɗin, don akwai waɗanda ake haifa da bawul mai ganye biyu maimakon uku kuma ayotarsu ta fi saurin buɗewa. In a gidanku akwai dogaye sosai masu dogayen yatsu da ƙirji mai lotsawa ko turowa da matsalar ido tun yarinta, a duba ciwon Marfan, su tun suna shekara ashirin da wani abu yake iya kama su, mace mai irin wannan kuma a duba ta kafin ta ɗauki ciki, don watannin ƙarshe na ciki da makonnin bayan haihuwa su ne lokacin da ya fi tsagewa. In an samu ta buɗe tun ba ta tsage ba, ana bin ta da awo, a yi aikin cikin natsuwa in ta kai wajen santimita 5 zuwa 5.5, kuma haɗarin wannan aikin bai kai ko kusa da na gaggawa ba.